In sa shi a shirin gyaran aiki yanzu, ko in jira?

Tambaya: Ni manaja ce a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Sitokifanmu kullum a makare yake kawo rahoton kaya, lissafin ma ba ya daidaita. Ina son sa shi a shirin gyaran aiki na wata 3, amma a fom ɗin tantance ƙwazo na bara 4 cikin 5 na ba shi, don kada na hana shi ƙarin albashi. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Wannan 4 ɗin ita ce shaidar da ke cikin fayil ɗinsa, da sa hannunki a kai. Idan shirin ya ƙare da sallama ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, fom ɗin zai fara ɗagawa, kuma kotun kan nemi dalilin sallama da hujjarsa. Na san tausayi ne ya sa ki, amma shi ma kin bar shi yana zaton aikinsa lafiya lau.

Ki fara da tantancewa ta tsakiyar shekara, ki rubuta abin da za a iya dubawa. "Ba ya mai da hankali" ra'ayinki ne, yana iya musantawa. Ga irin rubutun da ke tsayawa: "Rahoton kayan Maris ya kamata ya iso 5 ga Afrilu, ya iso ranar 17. Ya nuna buhun shinkafa 640, ƙirgen sito ya nuna 600, aka jinkirta odar kwastomomi 2." Akwai rana, akwai abin da aka nema, da abin da ya yi, da illar da ta biyo baya. Irin wannan 3 ko 4 a watanni dabam-dabam ya isa, tare da kwafin rahoton, takardar ƙirge da saƙon da kika tuna masa.

Sai ki tambayi kanki: wa'adin ranar 5 a rubuce yake a takardar ayyukansa, ko da baki aka faɗa? In da baki ne, ki rubuta masa yau, ki fara ƙirga daga nan.

Ki zauna da shi, ya karanta, ya rubuta nasa bayanin a fom ɗin, ya sa hannu da kwanan wata. Ki saurara da kyau. Idan direbobi ne ke makara da takardun fitar da kaya, shirin gyara ba zai magance komai ba. Idan kuwa buhunan 40 ɓata suka yi, wannan zancen bincike ne da takardar tuhuma, hanyarsa daban.

Don Allah kada ki rubuta gargaɗi yau ki sa masa kwanan watan bara. Da zarar an gano takarda ɗaya irin wannan, sauran hujjojinki na gaskiya ma sun shiga shakku.