Katan nawa ya kamata a saro a tafiya guda?

Tambaya: "Ina da shagon kayan masarufi a Wudil, ina saro taliya daga Kasuwar Singa. Idan na saro kaɗan kuɗin mota ya cinye riba, idan na saro da yawa jari ya kwanta. Akwai lissafin da ke nuna adadin da ya dace?"

Akwai shi, kuma tun 1913 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ford Harris ya fitar da shi. Na yi shekara da shekaru ina aiki da shi a shagona:

```
EOQ = √(2DS ÷ H)
```

EOQ shi ne adadin katan da ya dace ka saro a tafiya guda, D shi ne yawan katan da kake sayarwa a shekara, S kuɗin da tafiya guda ke ci ko da kaya nawa ka ɗauko, H kuwa abin da zaman katan ɗaya a shago yake jawo maka cikin shekara, wato ribar da jarinsa zai kawo da yana juyawa, da rabonsa na hayar sito, da ɓarnar ɓera da danshi.

Mu ƙaddara kana sayar da katan 600 a shekara, kowace tafiya tana cin naira 6,000, katan kuma naira 10,000 ne, ajiyarsa tana cin kashi 20 cikin ɗari, wato naira 2,000. Ka ninka 600 da 6,000 da 2, ka raba da 2,000, za ka sami 3,600. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 60. Ke nan katan 60, sau goma a shekara.

Tafiye-tafiye goma sun ci naira 60,000. Tun da kayan raguwa suke yi daga 60 har su ƙare, a matsakaici katan 30 ne ke zaune, ajiyarsu ita ma naira 60,000. Inda kuɗaɗen biyu suka zo daidai, nan jimillarsu ta fi ƙanƙanta: 120,000. Da katan 20 kake ɗauka, sai ka je sau 30, jimilla ta kai 200,000. Da 150 ne, tafiya huɗu kacal, amma ajiya ta haura da ita zuwa 174,000. Katan 50 kuwa 122,000 ne, don haka kada ka damu idan jarinka bai kai 60 cif ba.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne zuba kuɗin 'yan dako cikin S, alhali a kan kowane katan ake biyansu. Wannan cikin farashin kaya yake, kuma sa shi a S ya riƙa kumbura mini adadin har taliya ta yi wata uku a sito. Haka nan idan tafiyar ta haɗa da sukari da sabulu, ka ɗora wa taliya rabonta kawai. Lissafin yana ɗauka cewa ciniki da farashi a tsaye suke, saboda haka gab da azumi, ko lokacin da dila ya rage farashi ga mai sari da yawa, nakan sake shi da sababbin alkaluma kafin in hau mota.