Tambayi Likita: jariri, gidan sauro da zafin Kano

Maman Amira, Kurna: Salam likita, dan Allah jaririyata sati shida, ina sa ta a ɗan gidan sauron nan na jarirai mai buɗewa kamar laima, amma da dare sai na tarar ta jiƙe sharkaf da gumi tana ta kuka. Surukata ta ce gidan sauron ne yake hana ta iska. Na cire ne?

Wa alaikumus salam Maman Amira. Kar ki cire, ki fara duba abin da ke kan gidan sauron da abin da ke jikin yarinyar tukunna. Raga ce ai, tana ɗan rage motsin iska kam, wannan Hajiya ta yi gaskiya, amma ba ta toshe numfashi. Abin da na fi gani shi ne a ɗauko zani ko tawul a lulluɓe saman wai saboda haske ko kar fanka ta bugi yaro, to kinga an mayar da shi kamar tukunya mai murfi, zafin jikinta da iskar da ta fitar duk suna nan ciki suna zagaye.

A watan Afrilu da ya wuce wata ta kawo min ɗanta ɗan wata biyu jikinsa rau, ma'auni ya nuna 38. Na ce ta warware shi, sai ga hula, safa, riga biyu, ga shawul mai gashi, kuma ta ce haka yake kwana a irin wannan gidan sauron da atamfa a sama, ɗaki rufin kwano ba silin, lokacin da garin nan rana ke haura 40. Muka bar shi da famfas kawai, ta ba shi nono, bayan kamar rabin awa zafin ya sauka. Duk da haka sai da muka yi masa gwaji muka duba shi sosai, don ɗan ƙasa da wata uku in zafinsa ya kai 38 ba a cewa ai zafin gari ne a zauna a gida.

Ke dai a bazara riga ɗaya mara nauyi ta auduga da famfas ya ishe ta, hula kuwa ba a kwana da ita a ɗaki, ta kai jariri yake fitar da zafi mai yawa. In kina son sanin ko zafi ya mata yawa ki sa hannu a ƙeyarta ko ƙirjinta, kar ki bi ta tafin ƙafa, shi ko yaushe da ɗan sanyinsa. Sannan ɗan filon nan da yake zuwa tare da gidan sauron ki ajiye shi gefe. Rigingine za ki kwantar da ita, a shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta lotsawa. Kuma kar a ce saboda gumi a fara ɗura mata ruwa, nono kawai har wata shida, sai dai ki yawaita ba ta. In tana jiƙa famfas kamar sau shida a yini da kwana to ruwan jikinta lafiya lau.

Malam Sani, Sheka: Likita an ba matata gidan sauro mai magani wajen awo, daren farko fuskarmu ta yi ta zafi da ƙaiƙayi. Anya ba zai cutar da jariri ba?

Malam Sani ina kyautata zaton daga leda kuka ɗaura shi kai tsaye. Sabo ana warware shi ne a rataye a inuwa, inda iska ke kaɗawa, awa 24 kafin a kwana ciki, kar a shanya a rana don tana kashe maganin. Wannan zafin fuskar yakan tafi da kansa cikin 'yan awanni, kuma an amince jarirai da masu ciki su kwana a cikinsa. Ni ma shi na fi so akan ƙaramin na kasuwa, don mafi yawan waɗancan ba magani a jikinsu, in yaro ya jingina hannu da ragar sauro daga waje zai cije shi, ga babban ya fi fili da iska.

Inda nake son ka natsu shi ne ɗaurin. Kusurwa huɗun nan a ja su su miƙe, saman ya yi nisa da fuska, a cusa ƙasan ƙarƙashin katifa ta ko'ina. Gidan sauron da ya saki yana lilo shi ne mai haɗari, jariri ba ya iya ture abu daga hancinsa, in ya fara juyi kuma zai iya nannaɗewa a ciki. Ragowar igiya a ɗaure ta sama inda hannunsa ba zai kai ba. In tare yake kwana da mahaifiyarsa a ware masa gefensa, ba filo ba bargo, kar a bar rami tsakanin katifa da bango, kuma yayyensa kar su kwanta kusa da shi. Wanki da sabulu mara ƙarfi, ba omo ba bilic, a shanya a inuwa. Yakan kai kamar shekara 3 ko wanki 20, in ya huje a ɗinke da zare da allura tun ramin yana ƙarami.

Wata baiwar Allah, Rijiyar Zaki: Mu kam muna haɗawa ne, gidan sauro da koyil, wani lokacin fiya-fiya, sai mu rufe ƙofa da taga ruf. In an ɗauke wuta maigida ya kunna janareto a baranda. Akwai matsala?

'Yar uwa wannan tambayar taki wallahi ita ta fi tayar min da hankali cikin duka. Dan Allah daga yau janareton nan ya bar baranda, a kai shi can waje nesa da ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon wani wajen. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, babba zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jariri kuwa barci kawai zai yi ta yi ya ƙi kama nono. In kuka tashi duk gidan kai na ciwo, ku fita waje nan take ku wuce asibiti. Kaskon gawayi ma haka yake, har na turaren wutan maijego, a yi a wani ɗakin, kar a kwana da shi.

Fiya-fiya kuwa guba ce ta ƙwarin gona, ba ta da gurbi a ɗakin da jariri yake kwana. Koyil hayaƙi ne har asuba cikin ƙaramin huhu, yana jawo tari da toshewar hanci, kuma mai gidan sauron da aka ɗaura daidai ba ya buƙatarsa. In dole sai an fesa na gwangwani, a fitar da yaro, a fesa da yamma, daga baya a buɗe ko'ina har warin ya fita tas kafin a dawo da shi.

Maimakon rufe taga a sa mata waya, a ɗage labule da dare, in da hali ƙofa ma a sa mata ta waya don iska ta shiga nan ta fita can. Fankar sama ba ta cika ratsa rufin gidan sauro ba, ƙaramar mai caji a ajiye daga gefe ta fi, daga wajen ragar, tana juyawa, ba a saita ta a fuskar yaro ba. In ɗakin ya gagara, tsakar gida ma ana ɗaura gidan sauro, da ƙusa da igiyar shanya, a cusa shi ƙarƙashin katifa kamar a ɗaki. Sauron maleriya tsakar dare ya fi cizo, lokacin da zafi yake sa mutum ya ɗage ragar cikin magagi, musamman ƙarshen damina wajen Agusta zuwa Oktoba da ake ta kawo mana yara.

In kin ga yaron yana numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya ga wanda bai kai wata biyu ba, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko ya yi laushi ya kasa shan nono, kar ki jira gari ya waye kuma kar ki tsaya kemis, asibiti za ki kai shi a daren.