Bulokbod ko filawud: kabad ɗin kicin, wadirob da zuba dekin

Tambaya: "Assalamu alaikum. Zan yi kabad na kicin da ƙofofin wadirob, kuma akwai dekin da za a zuba a sama. Mai sayarwa ya ce in ɗauki bulokbod mai tambarin MR, wai ba ya jin ruwa, zai yi mini duka. Masana, haka ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Na daɗe a aikin katako, kuma haruffan nan biyu sun jawo wa mutane asara mai yawa. Tambarin MR yana nufin allon zai jure danshin da ke cikin iskar ɗaki ne kawai, ba ruwan da zai kwanta a kansa ba. Gam ɗin da ake haɗa irin wannan allo da shi na yuriya ne, kuma idan ruwa ya daɗe a jikinsa, musamman ruwan ɗumi, sai ya saki. Katakon yana nan lafiya, amma ɓawon sama ya ɗaye, gefen ya kumbura ya buɗe.

Gam iri uku ne za ka ci karo da su. Na yuriya shi ne na kayan cikin ɗaki inda babu ruwa. Akwai wanda aka ƙara wa melamin, ya fi shi juriya, gwargwadon yawan melamin ɗin da aka sa. Sai na finol, wanda ko tafasa shi aka yi ba ya saki, shi ne ake buga wa WBP, wasu allunan kuma BWP. Kana iya fara ganewa da ido: duba gefen allon, layin gam ɗin finol yakan fito da duhu, ja-ja mai ratsin baƙi, na yuriya kuwa fari-fari ne, da kyar ake ganinsa. Amma kada ka tsaya a nan, domin ana iya zuba kala a gam mai araha ya yi duhu, kuma buga tambari ba wuya.

Abin da ba ya ruɗi shi ne tukunya. Ka nemi guntu kamar santimita biyar kowane gefe, ka tafasa shi awa huɗu, ka bar shi ya bushe kwana ɗaya, ka sake tafasawa awa huɗu. Gwajin da masana'antu ke yi a ƙarƙashin ma'aunin EN 314 ma kusan haka yake. Mai gam ɗin yuriya yawanci tun a tafasar farko zai rabu falle-falle. Na finol zai kumbura kaɗan, amma ko ka sa bakin wuƙa tsakanin fallayen, katakon ne zai yage, gam ɗin yana riƙe. Gara ka sayi allo ɗaya ka gwada kafin ka ɗauko lodi.

Sai cikin allon. Filawud fallaye ne siraran da aka jera a gicciye, yawansu mara ne, uku, biyar, bakwai zuwa sama, shi ya sa yake da ƙarfi ta kowace fuska. Bulokbod kuwa cikinsa sanduna ne na katako mara nauyi, faɗin kowanne kamar santimita biyu da rabi, an jera su a tsawon allon an rufe da falle sama da ƙasa. Ƙarfinsa a tsawon sandunan yake. Tsakaninsu sau da yawa akwai 'yan ramuka, kuma ruwa idan ya shiga ta gefe can yake zama.

Don ƙofofin wadirob, mai sayarwar bai yi kuskure ba, ni ma bulokbod zan zaɓa. Ƙofa mai tsawon mita biyu idan aka yi ta da filawud mai kaurin milimita 18 tana da nauyi, tana wahalar da hinji, kuma takan kantare. Bulokbod bai kai shi nauyi ba, ya fi tsayawa a miƙe, kuma MR ya isa a ɗakin kwana. Sai dai ka tsaya a kan kafintanka wajen yanka. Dole sandunan ciki su bi tsawon ƙofar daga sama zuwa ƙasa. Wasu don kada guntu ya yi saura sukan yanke a gicciye, ƙofar kuma ba za ta daɗe ba ta lanƙwashe. Haka ma kanta mai tsawo, sandunan su bi tsawonta. A kewaye gefen da siririn katako mai ƙwari, saboda sukurun da ya faɗa a rami ko a kan ƙarshen sanda ba ya kamawa. Kuma duk abin da aka shafa ko aka liƙa a fuskar gaba a yi wa ta baya irinsa, in ba haka ba fuska ɗaya za ta sha danshi fiye da ɗaya, ƙofar ta karkace.

Kicin ne nake so ka kashe kuɗinka a kai. Kabad na sama da ke nesa da tururi zai iya tafiya da MR. Na ƙasa, musamman wanda ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a yi shi da filawud mai gam ɗin finol. Famfo zai ɗiga wata rana, kuma ana goge ƙasa da ruwa kullum. A ɗaga kabad ɗin daga ƙasa kamar santimita goma a kan ƙafafu ko dakalin siminti, sannan duk inda zarto ko abin huda ya taɓa, har ramin da bututu zai bi, a shafe shi da fenti ko banish. Gam ɗin finol yana hana fallaye rabuwa ne kawai. Ba ya hana katakon ruɓewa idan ya zauna a jiƙe, ba ya kuma hana gara, wannan maganinsa daban.

Dekin kuwa, don Allah kada bulokbod ya je wurin ko kusa. Ɗanyen kankare yana kai kilo 2,400 a kowace mita kubik. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ban da ma'aikata da baro da girgizar inji, ga shi jiƙe sharkaf na sa'o'i. Gam ɗin yuriya zai saki, allon ya lotsa ta inda ba shi da ƙarfi, ka tashi da dekin mai ciki, in ma bai ɓalle da mutane a kai ba. Abin da ake amfani da shi shi ne filawud mai milimita 18 da aka lulluɓe fuskokinsa da leda mai santsi, baƙa ko ruwan ƙasa, a kan katakan tallafi da ba su wuce santimita 40 tsakaninsu ba, sai in injiniyanka ya ba da wani awo.

A nan ma akwai tarko. Ledar tana ɓoye abin da ke ciki, kuma akwai allunan da cikinsu guntayen tsohon filawud ne aka harhaɗa da gam mai rauni. Irinsu zubi ɗaya ko biyu sun tashi aiki, alhali mai kyau ana ta maimaita shi. Ka sa a yanka ɗaya a gabanka ka ga ko fallayen sun tafi a jere ba rami, sannan ka tafasa guntun. Idan an yanka allo a wurin aiki a fente gefen kafin a kafa, a shafa man da ke hana kankare kamawa kafin kowane zubi, bayan an cire kuma a kankare ragowar siminti da katako ko roba, ba da ƙarfe ba, a jera su a kwance a inuwa.