Arhar buhu ba ita ce arhar abincin kaji ba

"Furojet ɗina kan rage masara da sa dusa a abincin buroila ne. Yaya zan nuna wanne ya fi arha?"

Bar farashin buhu, nemo abin da ƙarin kilo ɗaya na kaza ya ci maka. Raba nauyin abincin da suka ci da nauyin da suka ƙara, ka ninka da farashin kilo. A ce kilon na masara naira 700 ne, ana cin kilo 2: naira 1,400 ke nan. Mai dusa kuwa 600, amma sai an ci kilo 2.5, ya tashi 1,500.

Sai dai kullum ka auna ragowar abinci ka cire, har da wanda suka barbaza cikin ɓuntu. Na sha ganin an lissafa ɓarna a matsayin ci, sakamakon ya karkace.