Babi na huɗu ya yi tsawo, me zan mayar futnot, me zan kai rataye?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina mastas ne a nan Samaru, babi na huɗu na kundina ya kai shafi 70, malamin da ke duba min aiki ya ce in dawo da shi kada ya wuce 45. Wlh duk abin da na kalla sai in ga yana da amfani. Ta yaya zan gane wanda zai zauna a cikin babi, da wanda zan sauke ƙasan shafi, da wanda zan kai rataye? Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na shiga, kuma kusan adadin shafinmu ɗaya, nawa 71 ne. Bari in ba ki yadda na yi, har da inda na ɓata wa kaina lokaci don kar ki bi ta nan.

Aikina a kan sana'ar rini ne a Birnin Zariya, abin da babin yake son nunawa shi ne dalilin da ya sa matasa suka bar karofi suka koma rinin galura. Da aka ce in rage, abin da na fara yi shi ne duk sakin layin da na ga kamar ya yi nauyi sai in yanke shi in danna Ctrl+Alt+F in zuba shi a futnot. Tunda rubutun futnot ƙanana ne kuma babu tazara tsakanin layuka, sai babin ya sauko da shafi huɗu kacal, amma wasu shafukan rabinsu na ƙasa duk ya zama baƙin rubutu cunkus. Da na kai wa malamina bai ma karanta ba, shafukan kawai ya riƙa buɗewa yana kallo, sai ya ce "Malam ai ba ka rage kaya ba, daga ka ka sauke ka goya a baya." Gaskiyarsa ce, domin mai jarrabawa sai ya karanta futnot ɗin nan, kuma wahalar ta fi yawa don idonsa yana hawa yana sauka. Idan kina son ki ga haka da idonki, a Word ki shiga Review ki danna Word Count ki sa alama a "Include textboxes, footnotes and endnotes", za ki ga adadin kalmomin bai motsa ba.

Toh abin da ya fisshe ni daga baya abu ne mai sauƙi. Na buga babin a takarda, a saman shafin farko na rubuta jimla ɗaya da biro, wato abin da babin yake son mai karatu ya yarda da shi in ya kai ƙarshe. In kin kasa rubuta wannan jimlar to ki tsaya nan tukuna, don ba yadda za a yi ki san abin cirewa ba ki san abin da kike karewa ba. Daga nan sai na riƙa bin sakin layi ɗaya bayan ɗaya, in rufe shi da tafin hannu, in karanta na samansa in tsallake zuwa na ƙasansa. In na ji maganar ta karye, na ƙasan yana faɗin abin da ba a kafa masa hujja ba, to wanda na rufe ɗin nan ɗan gida ne, yana nan daram a cikin babi. In kuwa na tsallake ban ji komai ya ɓace ba, to shi ne ake shawarar inda za a kai shi, kuma wuraren uku ne ba biyu ba, akwai futnot, akwai rataye, akwai kuma fita daga kundin baki ɗaya. Na ukun nan shi ne mutane ba sa son ji, kuma shi ne ya fi rage shafi.

Bari in nuna miki da hira guda ɗaya. Na yi hira da wani dattijo marini a cikin gari, muna zaune bakin wata rijiyar rini da ta bushe har ciyawa ta fito a cikinta, ya fi awa ɗaya yana magana, da na rubuta hirar ta ci shafi huɗu kuma duk na zuba ta a babin saboda daɗinta. Da na zo tacewa sai na ga layi biyar ne kawai suke yi wa hujjata aiki, inda yake bayanin cewa in an haɗa baba da toka da katsi sai an jira kwanaki kafin ruwan ya nuna a fara tsoma zane, shi kuwa mai galura a yini ɗaya ya rina ya shanya ya karɓi kuɗinsa, kuma yaron yanzu ba zai iya wannan jiran ba. Wannan layi biyar ɗin su suka zauna a babi, da bakinsa yadda ya faɗa, na biyo su da sharhina. Hirar kusan gaba ɗayanta ta koma Rataye na 2, a ƙarshen maganar tasa na sa "dubi Rataye na 2" don duk mai shakkar ko na datse masa zance ya je ya gani. Sai kalmar katsi, wadda wani mai karatun ba lalle ya san ta ba, ita na ba futnot na layi biyu, na ce shi ne laka-lakar da ke kwantawa a gindin rijiyar rini wadda ake kwashewa a busar a ƙona a sake amfani da ita. Sauran labarin da ya ba ni na yadda kakansa ya zo unguwar da rigimar gadon da aka yi a gidansu, ko a ratayen ma na cire, don sirrin gidan mutane ne kuma bai shafi rini ba. Kin ga hira ɗaya ta rabu gida huɗu.

Daga nan na fahimci aikin kowanne. Futnot wurin amsa ƙaramar tambayar da za ta faɗo wa mai karatu ce a daidai wannan layin, ma'anar kalma, ko cewa wani marubuci ya kawo shekara daban da wadda kika ɗauka, ko dalilin da ya sa kika rubuta suna da wani salo. Ni ma'aunina shi ne in ya wuce jimla uku to na sake duba shi, ko dai magana ce mai nauyi da ta cancanci hawa sama, ko kuma son zuciyata ne ya hana ni jefar da ita. Kuma don Allah kada ki ɓoye abin da ya saɓa wa hujjarki a futnot. Ni akwai marina biyu da suka ce musu ba jiran ne matsala ba, tsadar farin yadi ce, da farko na tura su ƙasa, malamina ya ce in hawo da su in amsa musu a fili, kuma wallahi wannan sakin layin shi ya fi kare ni ranar difens, domin an yi min tambayar kuma amsar tana nan a rubuce.

Rataye kuwa wurin kayan da ake zuwa dubawa ne ba wanda ake karantawa a jere ba, takardar tambayoyi, cikakkiyar hira, jerin waɗanda aka tattauna da su da ranaku, jadawali mai cin shafi biyu uku, hotuna masu yawa. In aikinki na lissafi ne, abin da SPSS ya fito miki da shi ɗanye can zai tafi, amma ƙaramin jadawalin da kika tace wanda kike sharhi a kansa dole ya tsaya kusa da sharhin. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi na futnot muni, sai su kwashe hujjar kaf su kai baya, babin ya rage sai "bincike ya nuna" "bincike ya gano" ba lamba ba maganar kowa. Ki ɗauka mai jarrabawa ba zai buɗe rataye ba, da yawansu sai wani abu ya dame su suke leƙawa, saboda haka babin ya zama zai iya tsayawa da ƙafarsa ko an yage ratayen. Haka kuma duk ratayen da ba ki ambace shi ko sau ɗaya a cikin babi ba, to ba shi da dalilin zama, kuma ki jera su bisa yadda ambatonsu ya zo.

Ga yadda lissafina ya kasance. Shafi 14 suka koma rataye, tara na hirarraki, uku na jerin mutanen da na tattauna da su, biyu na kalmomin sana'a. Shafi 11 suka fita gaba ɗaya, shida daga ciki maimaicin bitar ayyukan magabata ne da na riga na yi a babi na biyu, ki duba naki sosai don kusan kowa yana yin wannan, biyu maimaita kaina ne, uku kuma tarihin marinar Ƙofar Mata ta Kano ne wadda ake cewa tun 1498 take, na sha wahalar haɗa shi kuma ina son shi, amma babina na Zariya ne, sai ya koma futnot guda mai jimla biyu. Shafi uku na ƙarshe daga gyaran jimloli suka fita, irin su "kamar yadda aka ambata a baya" da gabatarwar da nake yi wa kowane ƙaramin sashe. Na tashi da 43.

Abin da kika cire kada ki goge, ki buɗe wani fayil daban ki riƙa tarawa da lambar shafin da ya fito, hannunki zai fi sakewa wajen yanka in kin san yana nan, ni daga nawa na fitar da takardar da na gabatar a semina daga baya.

Sai abu ɗaya da ya kamata ki tabbatar kafin ki taɓa komai, wane salo sashenku yake bi. In APA ne, madogara a cikin rubutu ake sa ta, sunan marubuci da shekara, futnot kaɗan ake so kuma na ƙarin bayani ne kawai, to kin ga ƙofar futnot ta kusa rufe miki, zaɓinki ya koma babi ko rataye ko cirewa. In kuwa irin na 'yan tarihi ne masu sa madogara a ƙasan shafi, to ƙasan ya riga ya cika, kada ki ƙara masa surutu. Ki nemi littafin ƙa'idar rubuta kundi na makarantar digiri na gaba, sannan ki shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ki ɗauko kundi biyu ko uku na sashenku na kwanan nan, musamman waɗanda malaminki ya duba, ki ga tsawon babi na huɗunsu da abin da suka sa a baya.

In kin gama kwashe-kwashen, lambobin jadawali za su rikice, za ki tarar da "dubi Jadawali 4.7" alhali 4.7 ɗin ya koma rataye ko ya zama 4.5. Ki danna Ctrl+F ki nemo kalmar jadawali da kalmar rataye ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki gyara jerin jadawalai na farkon kundi shi ma. Ranar da za ki mayar wa malaminki, ki haɗa da ratayen da 'yar takarda guda mai nuna abin da ya koma ina, don in ya nemi wani abu bai gani ba ya san inda yake. Allah Ya ba da sa'a, in kin rubuta jimlar nan ɗaya ki turo ta nan mu duba tare.