Mutane suna shiga shafin wasana amma ba sa saukewa

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wasan dara na waya, na ɗora a Play Store daga nan Garwa. Ina ganin mutane suna shiga shafin, amma kaɗan ne ke danna Installer. Na sa hotuna takwas da dogon bayani. Me na rasa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na leƙa shafin naka, kuma abin da na gani shi ne abin da ni ma na yi a wasana na farko. Hotonka na ɗaya tambarin wasan ne, na biyu wurin zaɓen harshe, dara ba ta fito ba sai a na biyar. Wanda ya buɗe shafi a waya hotuna biyu ko uku yake gani kafin ya ja yatsa, kuma yawanci ba ya ja. Ke nan ka ɓoye hajarka a ƙuryar shago.

Ni ranar da na gane haka, a teburin mai shayi ne a Marwa. Na miƙa wa wani ɗan acaɓa wayata, ya dubi shafin, ya kurɓi shayinsa, ya ce: "Malam, wannan me ake yi da shi?" Wata huɗu ina aiki, amma shafin bai amsa masa wannan ba. Na kwana da maganar a raina.

To hoton farko ya zama tsakiyar wasa. Kada ka ɗauki fili babu kowa, gurabe talatin a wangale. Buga har kowa ya gama zuba 'ya'yansa goma sha biyu, ka jira lokacin da uku suka jeru za a ci ɗan abokin karawa, nan za ka ɗauka. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya ana dara, da ganin jerin nan hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Na biyu ya nuna mutum biyu a waya ɗaya, na uku abin da ya bambanta naka da na wasu. Ba dole sai takwas ba, iyaka ce kawai, mafi ƙaranci biyu. Huɗu masu rai sun fi. Tunda wasanka a tsaye yake, ɗauke su a 1080 da 1920, JPEG ko PNG. Rubutun kan hoto kalma uku zuwa huɗu, manya, sannan ka tura wa ƙaramar waya ka fita rana ka karanta. A kwamfuta komai kyau yake yi.

Kada kuma ka ƙawata hoto ya wuce abin da ke cikin wasan. Za a sauke, a ga ba haka ba, a goge, a bar maka tauraro ɗaya.

Sai rubutu. Suna harafi 30 ne, gajeren bayani 80, dogon 4,000. Kai ka zuba ƙarfinka a dogon, alhali sai mutum ya danna kafin ya buɗe. Gajeren shi ne a fili, kuma ka ɓata shi da "wasa mafi kyau a Afirka". Wannan bai gaya wa kowa komai ba, Google ma ba ya son irin wannan kirari. Faɗi abin da mutum zai yi:

```
Jouez au dara à deux sur un seul téléphone, sans connexion.
```

Da Faransanci na rubuta don wayoyin mutanenmu na Garwa zuwa Kusseri da Njamena yawanci a kansa suke. Hausar ka sa ta a kan hotunan da layukan farko na dogon bayani: "Buga dara da abokinka a waya ɗaya, ko babu data." Zancen data nan kada ka raina shi. Wanda ya sayi data ta sefa ɗari yana duba nauyin wasa kafin ya duba kyansa, don haka in naka bai da nauyi, ka faɗa tun a layin farko.

In ka gyara, kada ka yi hukunci da ido. A Play Console akwai Store listing experiments, yana raba masu shigowa, wasu su ga tsohon shafi wasu sabo. Canza abu ɗaya kacal, hoton farko, ka bar shi aƙalla mako guda. Sai dai in masu shigowarka 'yan tsiraru ne, gwajin zai daɗe bai ce komai ba. A nan sai ka koma dabarar mai shayi: nuna wa mutum goma da ba su san wasan ba shafin na daƙiƙa biyar, ka karɓe wayar, ka tambaye su me ake yi a ciki. Kada ka sa abokanka a cikinsu, kunya za ta sa su ce ya yi. In ka ɗauki sabon hoton, turo mana nan mu gani kafin ka ɗora.