Me Ya Sa Waya Ke Auna Murya Sau 8,000 A Kowane Sakan?

Tambaya: Malam, na karanta cewa waya tana auna muryar mai magana sau 8,000 a sakan guda. Daga ina aka samo wannan adadi, kuma me zai faru idan aka rage shi?

Amsa: Sauti kaɗawar iska ne, kuma kowace kaɗawa tana da hawa ɗaya da sauka ɗaya. Wayar ba ta aika kaɗawar kanta. Tsayinta take aunawa lokaci bayan lokaci, ta aika lambobin, wayar da ke ɗaya gefen ta sake gina sautin daga gare su. Kafin a gane kaɗawa, dole ne awo ya riski hawanta ya kuma riski saukarta, shi ya sa ake buƙatar fiye da awo biyu ga kaɗawa mafi sauri da ke cikin sautin. Harry Nyquist ne ya aza harsashin wannan ƙa'ida a 1928, Claude Shannon kuma ya fayyace ta a 1949.

Layin tarho na gargajiya yana ɗaukar sautin da ke kaɗawa daga sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan. Ninki biyu na 3,400 shi ne 6,800, sai aka ɗaga zuwa 8,000 domin a bar rata. Ninki biyu cif ba ya wadatarwa, domin idan sauti mai kaɗawa 4,000 ya gamu da awo 8,000, kowane awo yana iya faɗawa daidai inda kaɗawar ke ratsa tsakiya, lambobin su fito sifili duka alhali ana magana.

Abin da ya fi damuna a fahimta shi ne cewa sautin da ya wuce iyaka, wato rabin adadin awo, ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake yi. Iyakar awo 8,000 ita ce kaɗawa 4,000, idan aka rage awon kuma iyakar ma sai ta ragu. Ɗauki sauti mai kaɗawa 5,000. Tsakanin awo da awo yana cin kashi biyar cikin takwas na zagayensa, wanda a lambobi ba shi da bambanci da komawa baya da kashi uku cikin takwas, kamar yadda tayar mota mai gudu ke bayyana tana juyawa baya a bidiyo. Saboda haka mai sauraro zai ji sauti mai kaɗawa 3,000 wanda babu wanda ya furta shi, kuma alamarsa ita ce yana sauka yayin da na asali ke hawa. Da zarar ya shiga cikin lambobin ya gauraye da muryar gaskiya, babu manhajar da za ta iya tantance shi, don haka ake tace sautin tun kafin awo. Matacin ba ya yankewa kwatsam, a hankali yake rage ƙarfi, kuma aikin ratar da ke tsakanin 3,400 da 4,000 ke nan.

Tacewar tana da nata hasara, domin yawancin ƙarfin sautin "s" yana sama da 4,000, shi ya sa yake kama da "f" a waya. Kiran da ke nuna alamar HD a fuskar waya yana awo sau 16,000, yana ɗaukar sauti har zuwa kaɗawa 7,000, don haka ake jin baƙaƙen nan tangaran.